Durowar Omo a Injin Wanki: Yadda Ake Raba Ta da Fumfuna da Toshewa

Kusan duk ruwan da injin wanki mai ƙofa a gaba yake ja, kafin ya taɓa tufafi sai ya bi ta wuri ɗaya, wato 'yar durowar nan ta sama, gefen hagu, inda ake zuba omo. Idan wurin yana da tsabta, ruwa zai kwashi omo ya kai shi cikin ganga ba tare da ya bar komai ba. Idan kuwa ya yi fumfuna, to da wannan baƙin dattin ake wanke kayan gidan, har da ruwan ɗauraya na ƙarshe, wanda shi ne yake bushewa a jikin tufafi. Shi ya sa wani lokaci kaya ke fitowa fes a ido, amma da an shanya su sun bushe sai a ji suna warin gumi ko warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba.

Yawancin masu injin sukan jawo durowar su goge inda ido yake gani, su mayar. Bayan mako biyu baƙin ya dawo. Dalili shi ne tushen abin yana cikin ramin da durowar take shiga, musamman a rufinsa, inda ba wanda yake leƙawa sai ya durƙusa da tocila. Wannan ramin shi za mu riƙa kira gidan durowa, kuma wanke durowa ba tare da gidanta ba rabin aiki ne. Bayanin ya shafi injin da ke jan ruwa da kansa; mai baho biyu, wanda ake zuba wa omo kai tsaye, ba shi da wannan durowar.

Yadda ruwa yake bi

Durowar ta kasu gida uku. Akwai mai alamar I, na jiƙon farko, wanda ba kullum ake amfani da shi ba. Akwai mai alamar II, mafi girma, na omon wanki sosai. Sai na uku mai hoton fure, na ruwan ƙamshin nan mai tausasa tufafi. A rufin gidan durowa, daidai saman kowane sashe, an huda ƙananan ƙofofi jere-jere. Idan injin ya buɗe bawul ɗinsa, ruwa yakan tsiyayo ta waɗannan ƙofofin da ƙarfi, ya wanke omon ya tura shi ta bayan durowa, ya gangara ƙasan gidan, ya shiga wani faffaɗan tiyo na baƙar roba da ke kaiwa ganga. Ba wata na'ura da ke tura omon. Ƙarfin ruwan ne kaɗai, don haka da zarar ƙofofin sun fara toshewa sai a riƙa tarar da omo jiƙaƙƙe ya dunƙule a kusurwa bayan an gama wanki.

Sashen mai fure aikinsa daban ne, domin dole ya riƙe ruwan ƙamshi har zuwa ɗaurayar ƙarshe. A tsakiyarsa akwai ɗan bututu a tsaye, an kifa masa hula ta roba, galibi shuɗiya, mai rubutun MAX a jiki. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake zuƙo fetur daga tankin mota da tiyo ya san dabarar: da zarar ruwa ya cika tiyon ya fara gangarowa, shi zai ci gaba da jan sauran da kansa. A nan ma, idan lokacin ɗaurayar ƙarshe ya yi, injin yakan cika sashen da ruwa har ya haura bakin bututun ta ƙarƙashin hula, daga nan sai ya zuƙe komai har ƙasa. Tsakanin hular da bututun ɗan siririn fili ne, kuma ruwan ƙamshi mai kauri ne. Idan ya bushe a wurin, zuƙar ta tsaya, sai a tarar da sashen cike da ruwa bayan wanki. Haka kuma idan aka zuba fiye da layin MAX, ko aka banko durowar da ƙarfi har ruwan ya fantsama ya haura bututun, zuƙar kan fara tun ba a soma wanki ba, ƙamshin ya tafi tare da omo a banza.

Abin da fumfuna take ci

Fumfuna tana buƙatar laima, da abinci, da wurin da iska ba ta ratsawa. Gidan durowa ya haɗa duka ukun. Bayan kowane wanki ɗigon ruwa yakan rataye a rufin, tururi yana tasowa daga ganga ta faffaɗan tiyon nan, an kuma rufe durowar ruf. Abinci kuwa ragowar sabulu ne, musamman ruwan ƙamshi, wanda ake haɗa sinadarin tausasawarsa daga kitse ko man tsirrai. Saboda haka ne baƙin ya fi yawa a saman sashen mai fure. Sabulun ruwa ma yana barin yauƙi, kuma ba ya ɗauke da sinadarin farantawa mai kashe ƙwayoyin cuta da ake sa wa yawancin omon gari na injin. Gidan da ke wanki da ruwan sanyi kullum, da sabulun ruwa da ruwan ƙamshi, shi ya fi saurin ganin fumfuna.

Dattin da ake tararwa iri uku ne, kuma yana da kyau a bambance su domin maganinsu ba ɗaya ba ne. Baƙaƙen ɗigo-ɗigo da baƙin yauƙi su ne fumfuna. Wani lokaci ana ganin yauƙi ruwan hoda, wanda ƙwayar bakteriya ce ke haddasa shi, irin wanda ake gani a kusurwar banɗaki. Waɗannan biyun gurza da bilic suke so. Na biyu shi ne omon da ya jiƙe ya bushe sau da yawa har ya daskare, wanda ruwan ɗumi da haƙuri ke narkarwa. Na uku farin ɓawo ne mai tauri da kaushi, wanda ruwa mai gartsi ke bari idan ya bushe, irin wanda ake gani a gindin butar dafa ruwa. Shi ne yake tsuke ƙofofin rufin sannu a hankali, kuma bilic ba ya taɓa shi ko kaɗan. Abu mai tsami ne kaɗai ke narkar da shi.

Ciro durowa da wanke ta

Kafin komai a kashe injin a zare filoginsa daga soket. Allon maɓallan injin yana maƙwabtaka da gidan durowa, kuma za a yi aiki da jiƙaƙƙen hannu. A shimfiɗa tsohon tawul a ƙasa, a tanadi baho, da tsohon buroshin haƙori, da buroshi mai dogon hannu irin na wanke fidar jarirai, da tsinken sakace, da tsumma, da safar hannu ta roba.

A jawo durowar har ta tsaya da kanta. A yawancin injuna akwai ɗan harshe a cikin sashen mai fure ko a bayansa, wasu an rubuta PUSH a kai. A danna shi da babban yatsa a ci gaba da ja, za ta fito ba gardama. Wasu injuna ba su da harshen, sai dai a ɗan ɗaga gaban durowar sama a ja da ɗan ƙarfi. Idan ta ƙi fitowa, sau da yawa daskararren omo ne ya riƙe ta a gefe. Kada a fizga, domin ƙugiyoyin roba ne kuma suna karyewa. A zuba kofi biyu na ruwan ɗumi a ciki, a jira minti goma, sannan a riƙa jijjiga ta hagu da dama ana ja.

Da ta fito, a cire duk abin da ke ciruwa. Hular nan shuɗiya sama ake jan ta. Wasu durowoyin suna da ɗan shinge a sashen II wanda ake saukewa idan za a zuba sabulun ruwa, shi ma a zare shi. Kafin a ɓalle su a ɗauki hoto da waya, domin hular da aka mayar a karkace ba za ta zuƙi ruwa ba. Sai a kifa durowar a duba ƙasanta. Mutane da yawa sukan yi mamakin abin da ke manne a nan, domin ƙasan ne yake zaune a cikin laima dare da rana.

A nutsar da komai a baho na ruwan ɗumi, wanda hannu zai iya jurewa, a ɗiga sabulun wanke kwanuka kaɗan, a bari rabin sa'a. Tafasasshen ruwa yana iya lanƙwasa robar, kuma durowar da ta lanƙwashe ba za ta sake zama daidai a gidanta ba, sai ta riƙa yoyo ta gaba. Bayan jiƙon, yawancin omon zai sake da kansa. A bi kusurwoyi da buroshin haƙori. Kada a sa soson ƙarfe ko wuƙa, domin duk karcen da aka yi wa roba sabon maɓoya ne ga datti, kuma buroshi ba ya kaiwa cikinsa.

Bututun sashen mai fure shi ne wurin da ya kamata a ɓata wa lokaci. A zura ƙaramin buroshi ko tsinke da aka naɗa wa auduga ta sama har ya ɓullo ta ƙasa, a kuma wanke cikin hular, inda ake samun wani shuɗi ko farin abu mai danƙo. Daga nan a mayar da hular a danna ta har ta zauna, a riƙe durowar a miƙe a kan baho, a zuba ruwa a sashen a hankali. Idan ya wuce layin MAX kaɗan, ya kamata ya fara zuba ta ƙasa da kansa, ya ci gaba har sashen ya kusa ƙafewa. Cokali ɗaya ko biyu da ya rage ba laifi ba ne, haka aka ƙera shi. Idan ruwan ya tsaya a rabi, akwai sauran datti ko kuma hular ba ta zauna ba.

Gidan durowa

Yanzu a durƙusa a haska fitilar waya cikin ramin, a kalli sama. Za a ga layukan ƙananan ƙofofin, wasu baƙi ƙirin, wasu farin ɓawo ya zagaye bakinsu. A fara da goge abin da ya fi yawa da tsumma mai ruwan ɗumi, ana jawo dattin waje maimakon tura shi ciki, domin duk abin da aka tura baya faffaɗan tiyon zai faɗa. Idan akwai dunƙulen omo a can ƙurya, a jiƙa shi a kwaso da cokalin roba.

Sai a koma kan ɓawon. A haɗa farin ruwan khal da ruwan ɗumi rabi da rabi a robar feshi, a fesa wa rufin da bangon, a bari minti 20 zuwa 30. Tun da ruwa ba ya zama a rufi, dabarar ita ce a jiƙa tsumma sosai da haɗin, a dunƙule shi a cusa a ramin yadda zai manne da saman. Wanda ke da garin sitirik asid, wanda masu sayar da kayan haɗa kek da lemo ke ajiyewa, zai iya narkar da cokali biyu na cin abinci a lita ɗaya ta ruwan ɗumi, kuma ya fi khal ƙarfi ba tare da wari ba. Bayan jiƙon a gurza rufin da buroshi. Idan hannu ba ya kaiwa ƙurya, a ɗaure buroshin haƙori a jikin sanda, ko a ɗan gasa wuyansa a lanƙwasa shi yadda gashin zai kalli sama. Ƙofar da ta ƙi buɗewa a tsokane ta da tsinken sakace a hankali. Allura da ƙusa suna faɗaɗa ƙofar, ruwan ya daina fita ta inda aka saita shi.

A ɗauraye sosai da ruwa mai tsabta, kofi bayan kofi, a bar shi ya gangara ganga. Kada a saka tiyon famfo a ramin ana fesawa, domin ruwan na iya tsallakawa bayan allon maɓallai. Wannan ɗaurayar ita ma gwaji ce. A zuba lita ɗaya a ƙasan gidan a tashi ɗaya: idan ya wuce nan take ana jin saukarsa a ganga, tiyon a buɗe yake. Idan ya taru yana neman dawowa ta gaba, omo ya daskare a tiyon. A riƙa zuba ruwa mai ɗan zafi kaɗan-kaɗan ana jira, a zura dogon buroshi iya inda ya kai ba tare da tilastawa ba. Sau da yawa za a ji ya ɓalle ya wuce.

Bilic da khal ba sa haɗuwa

Idan bayan gurza akwai sauran baƙi, lokacin bilic ya zo. Amma tilas a tabbata an ɗauraye khal ko sitirik asid tas tukuna, kuma mafi aminci shi ne a mayar da durowa a kunna injin a kan Rinse ba kaya, domin ya zubar da ruwan tsamin da ya taru a ganga. Bilic idan ya haɗu da abu mai tsami yana sakin iskar kulorin, mai ƙona ido da maƙogwaro da huhu, kuma kan mai aikin yana dab da bakin ramin. Haka ma yana sakin iska mai guba idan ya haɗu da maganin wanke masai ko mai ɗauke da amoniya. Wanda ya ji wani kaifin wari yana shaƙe shi, ido yana hawaye, ya bar wurin nan take ya fita iska, ya buɗe ƙofa da taga.

Ma'aunin shi ne kashi ɗaya na bilic cikin kashi goma na ruwan sanyi. A shafa da tsumma ko buroshi maimakon feshi, don kada a shaƙa, a bari minti goma, a gurza, a ɗauraye. Durowar ma ana iya tsoma ta a wannan haɗin na tsawon wannan lokacin. A sa safar hannu, a buɗe taga, mai asma kuma ya bar wa wani aikin. Wani tabon mai launin toka yakan shiga jikin roba ya ƙi fita ko an kashe fumfunar; idan wurin ya yi santsi ba yauƙi ba wari, aikin ya yi.

Akwai kuma haɗin da ya yi suna, na zuba khal a kan bekin soda. Kumfar tana burge ido, amma ɗaya yana kashe ƙarfin ɗaya ne, abin da ya rage bai wuce ruwa mai ɗan gishiri ba. Idan ana son amfani da bekin soda, a dama shi shi kaɗai da ruwa kaɗan a yi gurza da shi.

Idan an wanke kuma omo bai daina zama ba

Mu ɗauki gida mai hawa ɗaya da injin mai cin kilo 7, yana shan ruwa daga tankin da ke kan ƙarfe a tsakar gida, ana cika tankin daga rijiyar burtsatse. Ƙorafin uwargida biyu ne: omo yana zama a sashen II bayan wanki, ruwan ƙamshi kuma yana nan yadda aka zuba shi. An ciro durowa an wanke, an buɗe ƙofofin rufi, gwajin zuƙa ya yi kyau a kan baho. Wanki na gaba, omon ya ragu amma bai tafi duka ba, ruwan ƙamshin kuma ko motsi bai yi ba.

Abin lura na farko shi ne yanayin sashen mai fure. Da an tarar da shi cike da tsinkakken ruwa, da sai a ce bututun zuƙa ne. Amma ruwan ƙamshin yana nan da kaurinsa, bai ƙaru ba, ma'ana ruwa bai iso masa ba sam. To matsalar tana gaba da durowa, a hanyar shigowar ruwa. A injuna da yawa bawul biyu ne kawai, ɗaya na sashen I, ɗaya na sashen II. Idan za a ba sashen mai fure ruwa sai a buɗe su tare, ruwan biyu su yi karo su karkata zuwa hanya ta uku. Wannan karon yana buƙatar ƙarfi, saboda haka idan ruwa ya yi rauni, sashen mai fure ne yake fara rasawa.

Sai aka rufe famfon da ke bayan injin, aka kwance tiyon daga jikin injin, aka saka bakinsa a bokiti mai lita 10, aka buɗe famfo ana duba agogo. Bokitin ya ɗauki kusan minti biyu kafin ya cika, wato lita 5 a minti. Littattafan wasu injunan suna neman lita 8 zuwa 10 a minti. A daidai inda aka kwance tiyon, a cikin bakin bawul, akwai 'yar rariya ta roba da ba ta kai faɗin murfin kwalba ba. Da aka zaro ta da filaya a hankali, an tarar rairayi da tsatsa sun rufe fiye da rabinta. An wanke ta da buroshi a ƙarƙashin famfo an mayar. Wannan rariyar ba a barin ta a waje da sunan ƙara gudun ruwa, domin ƙwayar rairayi ɗaya ta isa ta hana bawul rufewa, injin ya riƙa cika ko yana kashe.

Bayan haka omon ya fara tafiya duka, amma ruwan ƙamshi wata rana ya tafi wata rana ya zauna. Lissafin a nan mai sauƙi ne. Ƙarfin ruwan da ke gangarowa daga tanki ya dogara ga tsayin tankin, ba girmansa ba: kowane mita 10 na tsayi yana ba da kusan bar ɗaya, ma'aunin da ake rubutawa a littafin injin. Yawancin injuna suna son aƙalla rabin bar, wasu ma bar ɗaya cikakke. Saman ruwan wannan tankin, idan ya cika, bai fi mita 4 a kan bakin injin ba, wato 0.4, kuma idan ya kusa ƙarewa ya sauko wajen 0.3. Ranar da tanki ya cika, ruwan ƙamshi ya tafi. Ranar da ya yi ƙasa, ya zauna. Maganin dindindin shi ne ƙaramin famfo mai ƙara ƙarfin ruwa a kan layin injin, ko ɗaga tankin. Kafin nan, a riƙa wanki lokacin da tanki yake cike, a rufe sauran famfunan gidan, a kuma tsinka ruwan ƙamshin da ruwa kaɗan ba tare da an wuce MAX ba. Idan raunin ya yi yawa, injin da kansa yakan tsaya ya nuna alama: 4E ko 4C a na Samsung, IE a na LG, duka suna nufin ruwa ba ya shigowa yadda ya kamata.

Iyakar aikin gida

Akwai inda ya kamata a tsaya a kira mai gyara. Idan ruwa yana ɗiga cikin durowa alhali injin a kashe yake, bawul ne ba ya rufewa, kuma wannan ɗigon zai sa gidan ya kasance a jiƙe har abada komai yawan wanki. A riƙa rufe famfo kafin a canza shi. Idan ruwan famfo yana da ƙarfi, rariya tana da tsabta, amma sashe ɗaya ba ya samun ruwa ko kaɗan, ɗaya daga bawulolin ya mutu. Idan faffaɗan tiyon ya ƙi buɗewa da ruwan ɗumi, sai an cire murfin saman injin an kwance shi. Haka nan rufin gidan durowa yana da hanyoyin ruwa a cikinsa waɗanda buroshi ba ya shiga, kuma idan fumfuna ta cika su har baƙin ɓarɓashi yana saukowa kan fararen kaya bayan an yi duk abin da aka ambata, mai gyara yakan ciro gidan gaba ɗaya ya jiƙa ko ya sa sabo. Injin da ke da garanti kada a buɗe murfinsa.

Kada ta dawo

A kammala aikin da wankin injin shi kansa. A busar da durowa a mayar, a kunna injin ba kaya a kan Drum Clean ko Tub Clean idan yana da shi, idan babu a kan Cotton da zafin digiri 60 ko 90, da omon gari kaɗan. Wannan zai kwashe dattin da aka tura ganga. Tun da irin wannan wankin yana ɗaukar lokaci kuma yana cin wuta sosai wajen dafa ruwa, a zaɓi lokacin da wutar ta zauna.

Daga nan abin da ya rage ɗabi'a ce. A auna omo da ma'auni bisa abin da aka rubuta a ledarsa, kuma a sayi wanda aka yi domin injin, domin omon wankin hannu kumfarsa tana yawa har ta hauro ta tiyo ta cika gidan durowa ta bushe a can. A goge sashen II ya bushe kafin a zuba gari, kada kuma a zuba shi tun dare a bar shi yana shan laima. Sau ɗaya a wata a ciro durowa a ɗauraye a goge rufin, da damina kuwa, lokacin da komai ke jinkirin bushewa, a mayar da shi mako bibbiyu. Wanda ya riƙe wannan, aikin ba zai wuce minti biyar ba, kuma ba zai buƙaci bilic ba.

Mafi muhimmanci kuma mafi arha shi ne iska. Duk lokacin da aka kwashe kaya, a bar ƙofar injin a ɗan buɗe, a jawo durowar rabi, ko a cire ta gaba ɗaya a kife ta a saman injin har zuwa wanki na gaba. A gidan da ke da ƙananan yara, a tabbata ba a bar sabulu a cikinta ba, a kuma kulle ɗakin da injin yake. A faɗa wa duk wanda ke taɓa injin a gidan, har da 'yar aiki da yara manya: idan an gama wanki, durowa a buɗe take kwana.